Jika Hamsin Ɗinki Tiya Nawa Za Ta Saya? Bayanin Hauhawar Farashi, Ruwan Bashi da Canji

Macen da ke soya ƙuli-ƙuli a Matankari, ko manomin wake a Gesheme, ba sa bukatar a koya musu lissafi. Sun san farashin tiya fiye da duk wani ma'aikacin banki. Inda ake barinsu a baya shi ne wurin kalmomi: rediyo ya ce hauhawar farashi ta sauka amma kasuwa ba ta nuna ba, ko ma'aikacin asusun bashi ya ce ruwan kashi biyu ne kacal, sai ƙarshen shekara mutum ya ga ya biya kusan ninkin abin da ya zata. Dukan kalmomin nan ana iya warware su da tambayoyi biyu: kuɗin nan tiya nawa za su saya, kuma nawa a kan nawa, cikin wata nawa. Farashin da zan kawo a misalan gida na ƙaddarawa ne don lissafi ya fito sarai. Mai karatu ya cire su ya sa na kasuwarsu.

Kafin mu shiga, a riƙe wannan. Idan aka ce kashi biyu cikin ɗari, ana nufin dala biyu a kan kowace dala ɗari, wato sefa 20 a kan kowace jika. Kashi goma kuwa dala ashirin ne a kan jika.

Hauhawar farashi, da abin da ba ita ba

A ce mace ta tara jika hamsin, sefa 50,000, ta ƙulle a akwati da kaka, lokacin da tiyar hatsi take dala ɗari, sefa 500. A ranar kuɗinta tiya 100 ne. Ta bar su ba ta taɓa ba har kaka ta zagayo, ta tarar da tiya ta koma sefa 550. Takardun suna nan yadda ta ajiye su, ba ɓarawon da ya shiga ɗakin, amma yanzu tiya 90 za ta auna, da ɗan canji. Tiya tara da wani abu sun tafi. Wannan ita ce hauhawar farashi ta kashi 10 cikin ɗari a shekara, kuma abin da ya ragu a hannun matar shi ne masana ke kira ƙarfin saye.

Akwai wani tashin farashi da kowa a Arewa ya fi sani, wanda kuma ba shi ake nufi ba. Hatsin da aka sayar sefa 500 a watan Nuwamba yana iya kai 800 a Yuli ko Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Da zarar an fara yanka, sai ya faɗo. Wannan hawa da saukar lokaci ce, kowace shekara tana zuwa tana wucewa. Wanda ya gwada farashin Agusta da na Nuwamban da ya wuce ya ce kuɗi sun lalace da kashi 60, ya tsorata kansa a banza. Wanda kuma ya ga faɗuwar kaka ya ce tsada ta ƙare, shi ma ya ruɗi kansa. Awon gaskiya shi ne kaka da kaka, damina da damina. Haka ma hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, take yi idan ta fitar da alƙalumanta: farashin wannan wata take gwadawa da na irinsa a bara.

Kuma ba da kaya ɗaya ake awon ba. Kowane gida yana iya yin nasa a bayan littafin ɗan makaranta. A rubuta abin da gidan ke kashewa a wata, a ce hatsi tiya 30 a kan sefa 15,000, sannan cefane da sabulu da niƙa da kuɗin kabu-kabu su ma 15,000, jimla 30,000. Bayan shekara, a cikin watan nan dai, a sake tambayar farashin kayan nan ba tare da an ƙara ko an rage yawansu ba. Idan hatsin ya koma 16,500, sauran kuma 15,600, jimla ta zama 32,100. Ƙarin 2,100 a kan 30,000 kashi 7 ne. Hauhawar farashin gidan ke nan, kuma ita ta fi shafar mai gidan fiye da wadda aka faɗa a Yamai. Malamin makarantar da ke sayen kowace tiya da albashi da manomin da rumbunsa ke kai shi wata tara ba tsada ɗaya suke sha ba. Sau da yawa ana cewa ai manomi shi ke cin ribar tsadar hatsi. Mai rara ne kawai yake cinta. Wanda ya sayar da kaka don biyan bashi da hidimar aure, ya dawo yana awo da damina, sau biyu abin ya buge shi.

Me ke kawo ta? A ƙasarmu da farko damina ce: ruwa ya yi gardama ko fara ta sauka, kamar yadda aka gani a 2004 har yunwar 2005 ta biyo baya. Na biyu hanya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe iyakokin Benin da Nijeriya, shinkafa da mai da sauran kayan da ke shigowa ta tashar Kwatano sun yi tashin gwauron zabo, don dole suka zagaya ta Togo da Burkina. A 2024 hauhawar farashi a Nijar ta kai wajen kashi 9 cikin ɗari, alhali babban bankin ƙasashen sefa, BCEAO, burinsa ta tsaya tsakanin 1 da 3.

Ga wurin da mutane da yawa ke jin kamar rediyo ya yi musu ƙarya. Idan aka ce hauhawar farashi ta sauka daga kashi 9 zuwa 3, ba a ce kaya sun yi araha ba. Abin da ke sefa 20,000 ya hau zuwa 21,800 a shekarar farko, a ta biyu kuma ya ƙara hawa zuwa wajen 22,450. Gudun hawan ne ya ragu. Hatsi da dawa suna iya faɗuwa da gaske idan damina ta yi albarka, amma sukari da siminti da kuɗin mota, in sun hau, da wuya su dawo inda suka baro.

Ruwan ajiya

A ƙasashen sefa takwas na yammacin Afirka, littafin ajiya na banki yana ba da kashi 3.5 cikin ɗari a shekara. Wanda ya ajiye sefa 100,000 zai tarar da 103,500. Ko ya ci riba? Sai an duba kasuwa. A shekarar da farashi ya hau da kashi 2, yana bukatar 102,000 ne ya sayi abin da 100,000 ke saye bara, don haka ya tsira da ƙarin 1,500 na gaske. A shekara irin 2024 kuwa 109,000 yake bukata, ke nan littafi ya nuna ƙari, aljihu kuma ya yi asarar kusan 5,500. Ƙa'idar gajera ce: a cire hauhawar farashi daga ruwan da aka ba ka, abin da ya rage shi ne naka.

Wannan ba hujja ba ce ta barin kuɗi a akwati, don can asarar 9,000 ce cif, ga gara ga gobara ga ɗan'uwa mai zuwa da matsala. Shi ya sa iyayenmu mata ke mai da kuɗin adashi tunkiya, kuma ba su yi kuskure ba, dabba tana bin farashin kasuwa. Sai dai tana ci, tana ciwo, tana mutuwa, kuma ranar da hatsi ya fi tsada ita ce ranar da kowa ya kai tasa kasuwa, farashinta ya zube. Ra'ayina shi ne kuɗin da za a bukata cikin wata biyu ko uku, na asibiti ko na makaranta, a bar su kuɗi. Na shekara guda ne ya cancanci a nema musu mafaka.

Ruwan bashi: kashi biyu iri biyu ne

Nan ne aka fi cutar mai koyo, don haka zan daɗe a kai. Bashi yana da sassa uku: uwar kuɗi, wato abin da aka ba ka; ruwa, wato ƙarin da za ka biya don ka riƙe kuɗin mutane na wani lokaci; da kuma wa'adi. Duk wanda ya faɗa maka ruwa bai faɗi wa'adi ba, bai gaya maka komai ba. Kashi 2 a wata kashi 24 ne a shekara.

A ce mai lambun dankalin turawa a Dogon Dutsi ya karɓi sefa 120,000 daga wata cibiyar ba da ƙananan basussuka, zai biya cikin wata 12, ruwa kashi 2 a wata. Kowane wata yana mayar da 10,000 daga uwar kuɗi. Akwai hanya biyu ta lissafa ruwansa, kuma dukansu da baki kashi biyu ake kiransu.

A hanya ta farko, ana ɗora ruwan a kan abin da ya rage a wuyansa. Watan farko ana binsa 120,000, ruwa 2,400. Wata na biyu saura 110,000, ruwa 2,200. Na uku 2,000. Haka yake ta raguwa da 200 har watan ƙarshe, inda saura 10,000 kawai, ruwa 200. In an haɗa duka, ruwan shekara 15,600 ne.

A hanya ta biyu, ana ɗora ruwan a kan kuɗin farko tun daga fari har ƙarshe: 2,400 kowane wata, sau 12, ya kama 28,800. A watan ƙarshe mutumin nan sefa 10,000 kaɗai ke hannunsa na cibiyar, amma yana biyan ruwan 120,000, har da kuɗin da ya riga ya mayar tun watanni. Bambancin hanyoyin biyu sefa 13,200 ne. Idan aka auna ruwan hanya ta biyu da kuɗin da suka zauna hannunsa da gaske, ya haura kashi 40 a shekara, ba 24 ba.

Yadda za a gane wadda aka yi maka ba wuya. Kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka nemi takardar jadawalin biya, wadda ke nuna wata-wata abin da za ka kawo. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Kada ka dubi jimlar wata, don wasu cibiyoyin suna daidaita biyan ya zama adadi ɗaya kowane wata alhali ruwan na raguwa a ciki, kuma wannan ba laifi ba ne. Layin ruwa za ka bi da yatsa daga sama zuwa ƙasa. In lambar tana raguwa, hanya ta farko ce. In ta tsaya cak, ta biyu ce. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da yaron da ya iya, ko ya tambaya da baki: "Ruwan watan ƙarshe nawa ne, na watan farko nawa ne?"

Bayan ruwa akwai ƴan uwansa da ba a kiransu ruwa. Kuɗin buɗe takarda, a ce 3,000. Inshora. Ajiyar dole, inda za a ce ka bar kashi 10 na bashin a asusunka sai ka gama biya, wato 12,000. Mai lambunmu ya sa hannu a kan 120,000 amma da 105,000 ya fita ƙofa, ruwa kuwa a kan 120,000 ake lissafa masa. Saboda irin wannan ne doka ta tanadi awo guda da ke haɗa ruwa da kuɗaɗen dole da ke tattare da bashin, a takarda ana rubuta shi TEG. Tun 2014 hukumomin kuɗi na yankin sefa suka kayyade cewa kada ya wuce kashi 24 a shekara ga ƙananan cibiyoyin bashi, bankuna kuwa a lokacin aka tsayar musu da 15. Ka nemi a nuna maka haruffan nan uku a yarjejeniyarka. In babu su, ko an fara kame-kame, ka ɗauki hularka.

Akwai tambaya ɗaya da ta fi duk waɗannan sauƙi: nawa zan riƙe a hannu yau, kuma nawa zan biya gaba ɗaya kafin in fita? Lamba biyu ke nan, kowa yana iya cire ɗaya daga ɗaya.

Sai kuma daidaita bashi da sana'a. Dankali ba ya ba da kuɗi wata-wata; ana shuka shi da sanyi, a haƙe bayan wata uku da ɗoriya. Mai lambun da ya karɓi bashin da za a fara biya bayan kwana talatin zai sami kansa yana cire biyan farko daga cikin bashin kansa, ko ya sayar da akuya. Bashin wata-wata na mai shago ne da mai tuyar ƙosai, waɗanda kuɗi ke shigo musu kullum. Manomi ya nemi wanda ake biya gaba ɗaya bayan girbi, ko mai jinkirin farawa.

Da yawa daga masu karatu ba za su taɓa bashin ruwa ba saboda addini, kuma wannan hukunci na malamai ne, ba na wannan shafi ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, ko a cinikin murabaha, inda banki irin Bankin Musulunci na Nijar ke sayen kaya ya sayar maka da ƙarin riba a biya sannu a hankali, lissafin nan bai faɗi ba. Ka tambayi farashin injin ban ruwan a kasuwa hannu da hannu, ka tambayi jimlar da za ka biya, ka san wata nawa ne.

Bashin da ba a rubutawa

Mafi tsadar bashi a karkara ba ya da takarda ko kalmar kashi. Cikin Agusta, rumbu ya ƙare, ga noma na biyu, mai gida ya je wurin ɗan kasuwar ƙauye ya karɓi jika goma, a kan zai kawo tiya 30 da kaka. Falle ke nan, wasu kuma kan ce masa a-ci-ba-daɗi. Da kaka tiya 30 a kan sefa 500 ta kama 15,000. Ƙarin 5,000 a kan 10,000 kashi 50 ne, cikin wata uku. In aka miƙe shi shekara, kashi 200 ne. Ɗan kasuwar kuma zai ajiye hatsin nan ya sake sayar wa mutumin da damina mai zuwa a kan 800.

Ba na zagin mai ba da falle. Shi kaɗai ne ke buɗe ƙofa a watan da kowa ya rufe tasa, ba ya neman katin ɗan ƙasa, kuma in fari ya zo wani lokacin shi ma ya yi asara. Amma a san farashin. Wanda ya san kashi 50 yake biya zai fara tunanin asusun mata tun da rani. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maradi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da dama, shi ma yana ɗora ƙari a kan rance, sau da yawa mai nauyi in an lissafa shi a wata, sai dai ƙarin yana komawa cikin akwatin ƙungiya, a raba wa masu zubi ranar fasa asusu.

A yi hattara kuma da ruwa a kan ruwa. Mai bin ka 50,000 da kashi 10 a wata, in kana kai masa 5,000 ɗinsa kowane wata, bayan wata shida ka biya 30,000 kuma uwar kuɗi tana nan daram. In ka kasa kai wa ya riƙa tara ruwan a kan uwar, bayan wata shidan ana binka sama da 88,500.

Jinginar amfanin gona

Akwai bashin da aka ƙirƙira don juya hawa da saukar lokaci ta amfani manomi. A takardun faransanci warrantage ake rubutawa, kuma wani shirin hukumar FAO ne ya yaɗa shi a Nijar tun wajen 1999. Ƙungiyar manoma tana tara buhunan ƴaƴanta da kaka a sito guda, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin cibiyar bashi. Cibiyar ta ba da rancen wani kaso na darajar kayan a farashin kaka. Buhunan su ne jingina, wato abin da mai ba da bashi zai sayar in ba a biya ba. Bayan wata biyar ko shida a biya, a buɗe sito, kowa ya ɗauki kayansa lokacin da suka yi daraja.

Ga lissafin. Buhu biyar na hatsi, kowane tiya 40, a kan sefa 20,000, sun kama 100,000. An ba manomi 80,000. Ruwa kashi 2 a wata har wata shida, biya ɗaya a ƙarshe, 9,600. Kuɗin sito a ce sefa 100 kowane buhu a wata, 3,000. Abin da jiran ya ci masa 12,600 ne, wato 2,520 a kan kowane buhu. To wannan ita ce lambar da zai riƙe: sai buhu ya wuce 22,520 ranar buɗe sito kafin a ce ya ci riba. In ya kai 27,000 a watan Mayu, kayansa sun zama 135,000, ya tsira da 22,400 fiye da wanda ya sayar da kaka, kuma bai shiga layin masu awo ba.

Amma ba kowace shekara farashi ke hawa ba. Damina ta yi kyau a ko'ina, ko gwamnati ta fito da hatsin OPVN a farashi mai rahusa, ko a hana fitar da abinci waje kamar yadda aka yi a watan Oktoban 2024, sai buhu ya tsaya inda yake, ruwa da kuɗin sito kuwa ba sa jira. Wake ya fi hatsi saurin lalacewa: in ba a buhu mai leda biyu a ciki aka ɗure shi ba, aka ƙulle kowace leda daban, ƙwari za su rigaye ka cin ribar. Abin da ya fi kashe tsarin kuma shi ne 80,000 ɗin su tafi biki. Dole kuɗin su yi aikin da zai biya kansu kafin Mayu, kiwon rago ko lambu ko sarin gyaɗa a matse mai. In ba haka ba, da buhunan za a biya bashin.

Canji

Daga Tibiri ko Dumega zuwa iyakar jihar Kebbi ba nisa, kuma kusan kowane gida yana da mai zuwa cin rani ko mai kai dabba da wake Nijeriya. Don haka farashi na uku da ya kamata a sani, bayan na tiya da na bashi, shi ne na kuɗin kansa: jika ɗaya naira nawa ce yau.

Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya tun 1999, ba ta motsi. Sau ɗaya dattawan yau suka ga an karya darajarta, a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare ɗaya, kayan waje suka yi tsada nan take. Wannan shi ne karya darajar kuɗi: hukuma ce ke yanke shi, kuma da kuɗin wata ƙasa ake auna shi, saɓanin hauhawar farashi da ake aunawa da kaya a kasuwa. Ɗaya yana jawo ɗaya. Naira kuwa tun watan Yunin 2023 aka sake ta kasuwa ta yanke mata farashi. A farkon 2023 jika ɗaya ba ta fi naira dubu ɗaya da ƴan ɗaruruwa ba wurin ƴan canji. A 2024 ta haura dubu biyu nesa.

Ga abin da hakan ke nufi a gida. Yaro yana aiki a Sakkwato ko Legas yana aiko da naira 60,000. Lokacin da jika take naira 1,200, uwarsa sefa 50,000 take karɓa, tiya 100. Da jika ta koma 2,500, naira 60,000 ɗin nan dai sefa 24,000 ce, tiya 48. Yaron bai rage ko kwabo ba, kuma an yi ta zargin yara da rowa a kan abin da ba su suka yi ba. Mai sayen kaya daga can kuwa da farko sai ya ga garaɓasa, sefarsa ta yi ƙarfi. Ba ta daɗewa, don farashi a Nijeriya ya hau da sama da kashi 30 a 2024, ya cinye mafi yawan rangwamen.

Ɗan canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa, tazarar da ke tsakaninsu ita ce abincinsa. A ce in ka ba shi sefa yana ba ka naira 2,450 a kan jika, in kuma sefa kake so sai ka kawo 2,550. Wanda ya canja sefa 100,000 zuwa naira 245,000, ya je kasuwa bai yi ciniki ba, ya dawo ya mayar, 96,000 da ƴan kai zai karɓa. Kusan jika huɗu sun tafi ba a sayi ko allura ba. Saboda haka kada a canja fiye da abin da aka tabbata za a kashe, kuma a tambayi mutum biyu ko uku farashi kafin a fito da kuɗi.

Mai kai rago ko wake ƙetaren iyaka ya yi lissafinsa da sefa tun kafin ya ce "Allah ya ba da sa'a". In dillali ya taya naira 200,000, a raba da farashin da ɗan canji zai sayar maka da sefa a ranar, ba na makon jiya ba: a kan 2,550 ya kama wajen sefa 78,400. Daga ciki a cire kuɗin mota da la'ada da abin da aka bari a hanya, sannan a gwada da tayin da aka yi wa ragon a kasuwar gida. In kuma cinikin na bashi ne, za a biya bayan wata biyu, a yanke tun a gaban shaidu da wane kuɗi za a biya. Wanda ya yarda da naira ya ɗauki kasadar faɗuwarta a wuyansa. In jika ta koma 2,800 kafin ranar biya, naira 200,000 ɗinsa sefa 71,400 ce.